An dakatar da akawun ɗina bisa zargin akawun biyu: ta ina zan fara?

"Assalamu alaikum Malam. Ni mai zanen tambari da fosta ne a Tudun Wada, nan Gombe. Shekara biyu ke nan ina samun aiki a wani dandalin aikin intanet na ƙasar waje. Ranar Talata na tashi na tarar da imel cewa an dakatar da akawun ɗina, wai an gano yana da alaƙa da wani akawun, kuma hakan ya saɓa wa Terms of Service. Wallahi ni akawun ɗaya na sani. Akwai dala 340 a ciki, ga oda biyu da ban miƙa ba. Abokaina sun ce in buɗe sabo da sunan matata, wani kuma a Telegram ya ce zai buɗe min a kan naira 30,000. Me zan yi?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya kawo mafita. Shawarwarin nan biyu da aka ba ka, ajiye su gefe tun yanzu. Mutumin Telegram ba shi da wata ƙofa a kamfanin. Zai karɓi kuɗinka, ya nemi kalmar sirrinka da hoton katin shaidarka, ka wayi gari ka rasa naira 30,000 kuma takardunka suna hannun wanda ba ka sani ba. Shi kuwa sabon akawun da sunan iyalinka, shi ne ainihin laifin da ake zarginka da shi. Yau zargi ne da za a iya warwarewa. Ranar da ka buɗe na biyu a kwamfutar nan taka, ka tabbatar musu da shi da hannunka, su rufe duka biyun, ka kuma ɓata wa baiwar Allah suna a dandalin da wataƙila ita ma za ta so yin aiki a kai wata rana.

Sannan ka tabbatar sanarwar ta gaskiya ce, domin 'yan damfara suna kwaikwayon irin wannan imel sosai. Kada ka latsa komai a cikinsa. Buɗe burauza, ka rubuta adireshin dandalin da hannunka, ka shiga kamar kullum. Idan dakatarwar gaskiya ce, za ka ga saƙo a saman shafinka ko a hana ka shiga gaba ɗaya. Duba kuma adireshin da ya aiko imel ɗin, abin da ya biyo bayan alamar @, harafi bayan harafi. Duk saƙon da ya ce ka biya kuɗi, ko ka shigar da lambar katin banki, ko ka tura lambar da ta shigo wayarka kafin a buɗe maka, na ɓarayi ne. Ɗaukaka ƙara a waɗannan dandamali kyauta ne.

Abin da sanarwar take faɗa

Yawancin waɗanda suke kawo min irin wannan matsala layin farko kawai suka karanta, hankalinsu ya tashi. Koma ka karanta a nutse, kana neman abu uku: wane mataki aka ɗauka, wane dalili aka ambata, kuma an bar ƙofa ko ba a bari ba.

Matakan ba ɗaya ba ne. Idan ka ga "on hold" ko "under review" ko "restricted", galibi ana nufin an ɗaure maka hannu ne: ba ka karɓar sabon aiki, wataƙila ba ka cire kuɗi, amma akawun ɗin yana nan, wani lokaci ma kana iya magana da kwastomomin da kuke da aiki a tsakani. Idan ka ga "permanently suspended" ko "disabled", an riga an yanke hukunci, aikinka shi ne ka sa a sake duba shi. Ita kalmar "suspended" zalla tana iya zama ko wanne, sai ka duba ko an nemi ka aiko da wani abu. Duk sanarwar da ta ce ka turo katin shaida ko ka amsa wasu tambayoyi, ƙofa ce a buɗe. Idan an sa wa'adi, rubuta ranar a inda za ka riƙa gani, ka kuma tuna agogonsu ba namu ba ne, don haka kada ka kai ranar ƙarshe.

Game da oda biyun nan: idan har kana iya aika saƙo a cikin dandalin, gaya wa kwastomomin a taƙaice cewa ana duba akawun ɗinka, ka miƙa aikin in akwai hanya. Kada ka ce su same ka a WhatsApp, kada ka tura musu lambar asusunka na banki. Jan kwastoma zuwa waje laifi ne mai zaman kansa, kuma mai duba ƙararka zai karanta saƙonninka na kwanakin nan.

Yadda ake haɗa mutum da akawun da bai sani ba

Na yarda da rantsuwarka. Amma na'urar kamfanin ba zuciyarka take dubawa ba, alamomi take tarawa. Fiverr da Upwork duk ƙa'idarsu ita ce mutum ɗaya akawun ɗaya, kuma hanyar da dandamali irinsu suke gane saɓani ita ce su ga akawun biyu sun yi tarayya a wani abu: kwamfuta ko waya ɗaya, burauza ɗaya, lambar waya ɗaya, katin shaida ɗaya, hanyar cire kuɗi ɗaya, ko adireshin IP ɗaya, wato lambar da ake gane layin intanet ɗin da na'ura ta shigo da shi.

Waɗannan alamomi ba su da nauyi ɗaya. Adireshin IP shi ne mafi rauni, musamman a wajenmu. Kamfanonin waya suna raba adireshi ɗaya ga masu amfani da yawa a lokaci guda, shi ya sa kana zaune a Pantami wani shafi zai nuna kana Legas ko Abuja. Dandamalin sun san haka, kuma da wuya su rufe mutum a kan wannan kaɗai. Kwamfuta ɗaya ta fi nauyi. Hanyar cire kuɗi ɗaya, wato akawun biyu suna zuba kuɗi a asusun Payoneer ɗaya na karɓar kuɗin waje ko asusun banki ɗaya, ita ce mafi nauyi, don a idonsu wanda kuɗi yake zuwa wurinsa shi ne mai akawun.

To zauna da biro da takarda ka yi wa kanka tambayoyi. Shin ka taɓa halartar wani horon koyon sana'ar intanet inda aka ce kowa ya buɗe akawun a zaune? Wannan shi ne dalilin da na fi cin karo da shi. Mutum ya buɗe a aji da tsohon imel, bai sake waiwayarsa ba, bayan shekara biyu da ya ƙware ya buɗe na gaske da sabon imel, amma lambar wayar ita ce dai. Bincika tsofaffin imel ɗinka duka da sunan dandalin, za ka iya tarar da saƙon maraba da ka manta. Shin wani ƙani ko aboki ya taɓa aron kwamfutarka ya duba saƙonsa "minti biyu kawai" ranar da babu wuta a unguwarsu? Ka taɓa shiga akawun ɗinka a kafe, ko a shagon da kuke zama ku da yawa? Kwamfutar sabuwa ka saya ko ta hannu, kuma an goge ta kafin ka fara aiki? Ka taɓa ba wani aron Payoneer ɗinka don nasa bai samu amincewa ba? Akwai VPN a wayarka? Mutane da yawa sun sa shi lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, suka saba barinsa a kunne. Akawun da ya ce yana Gombe, da safe ya shigo daga Jamus, da yamma daga Amurka, kama yake da wanda mutane da yawa suke amfani da shi.

Akwai tambayar da ta fi waɗannan zafi. Shin kai da wani na kusa da kai kun taɓa sayen aikin juna don a samu taurarin yabo da kwastoma ke bayarwa? In haka ta faru, maganar ta wuce kuskuren na'ura, laifi ne na gaske da dandamali suke ɗauka da tsanani, kuma damar dawowa ta ragu ƙwarai.

Wani misali daga nan Gombe

Wani matashi mai haɗa bidiyo ya zo min da sanarwa kusan irin taka. Shi ma ya rantse akawun ɗaya gare shi, kuma gaskiya ya faɗa. Kafin ya zo ya riga ya tura saƙo uku, duk roƙo: shi ne mai ciyar da gida, bai taɓa cutar kowa ba, a dubi Allah a taimaka. Amsa iri ɗaya ta dawo masa, wadda da gani ka san ba mutum ne ya zauna ya rubuta ba.

Da muka bi tambayoyin nan sai abin ya fito. Ƙaninsa, ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Kashere, ya zo hutu, ya ga yayansa yana samun dala, ya buɗe nasa akawun na rubuce-rubuce a kwamfutar yayan, a burauza ɗaya. Sun yi makonni suna shiga bi da bi. Daga baya ƙanin ya aika wa wani kwastoma lambar wayarsa a cikin saƙo, aka rufe shi. Bayan kwanaki na'ura ta bi sawu ta kama na yayan a matsayin akawun na biyu na wanda aka kora. Abin da ya cece su shi ne ba su taɓa haɗa hanyar cire kuɗi ba, ba su kuma taɓa sayen aikin juna ba.

Takardar da muka rubuta ba ta cika rabin shafi ba, da Turanci mai sauƙi. Ta fara da sunansa na dandalin, da imel ɗin da ya yi rajista da shi, da ranar da sanarwar ta zo, da lambar tikitin da ke kanta, wato lambar da kamfanin ya ba wa ƙorafin. Sai jimla ɗaya da ta nuna ya fahimci zargin: an ce akawun ɗinsa yana da alaƙa da wani. Daga nan bayani kai tsaye, cewa ɗaya akawun na ƙaninsa ne, ga sunansa na dandalin, ya buɗe shi a wata kaza lokacin hutu a kwamfutar gida, su mutum biyu ne daban, kowa da lambar NIN ɗinsa, da lambar wayarsa, da asusun bankinsa, sana'arsu ma daban. Ya amsa cewa bai san yin tarayya a kwamfuta zai jawo haka ba, bai kuma sanar da kamfanin ba. Ya faɗi gyaran da ya yi: ƙanin ya daina taɓa kwamfutar, an sauya kalmar sirri, an kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Ya rufe da buƙata ƙarara: a sake duba hukuncin, a shirye yake a tantance shi ta bidiyo, idan kuma hukuncin ba zai sauya ba, a gaya masa ranar da zai iya cire kuɗinsa da yadda zai yi.

Ka lura da abin da babu a ciki. Babu rantsuwa, babu labarin iyali, babu barazanar lauya ko ta tona asiri a kafafen sada zumunta. Mu a al'adarmu roƙo da ambaton Allah ladabi ne, amma ma'aikacin sashen Trust & Safety yana da tarin ƙararraki a gabansa da tambaya ɗaya tak: shin bayanin mutumin nan ya dace da abin da nake gani a bayanan na'ura? Kamar mai shago ne da ya ga giɓi a lissafi. Yaron shago ya yi ta rantsuwa ba zai gamsar da shi ba, sai ya nuna masa ranar da aka ba da kaya bashi da sunan wanda ya karɓa. Da suka duba suka ga watan da aka ambata ya yi daidai da lokacin da akawun na biyu ya fara shiga ta kwamfutar, sai suka nemi katin shaida da kiran bidiyo. An mayar wa yayan akawun ɗinsa bayan 'yan makonni. Na ƙanin bai dawo ba, don laifinsa na gaske ne.

Yayan ya so ya ɓoye sunan ƙanin don kada ya jefa shi cikin matsala, na ce masa a'a. Sun riga sun san akawun ɗin, su ne ma suka haɗa su. Abin da ba su sani ba shi ne dalili. Wanda ya ce "ban san kowa ba" alhali bayanai sun nuna akawun biyu a burauza ɗaya tsawon wata guda, ya nuna musu cewa maganarsa ba abin dogaro ba ce, kuma daga nan duk abin da ya faɗa a banza.

Idan bincikenka ya nuna tsohon akawun ne naka da ka manta, tsarin takardar ɗaya ne. Ka faɗi imel ɗinsa, da kusan lokacin da ka buɗe, da cewa ba ka taɓa karɓar aiki da shi ba, ka roƙi su rufe shi su bar maka mai aiki. Kada ka yi gaggawar shiga ka goge shi da kanka bayan sanarwa ta zo, yana iya kama da ɓoye shaida. Idan kuwa ka bincika iyakar iyawarka ba ka gano komai ba, faɗi hakan, ka lissafa wuraren da ka san ka taɓa shiga akawun ɗinka ban da gida, ka nemi a tantance ka.

Inda takardu suke kayar da mutanenmu

Da yawa suna tsallake matakin bayani su faɗi a tantancewa, saboda suna. A NIN Muhammad Abubakar, a banki Mohammed Abubakar Sadiq, a dandali kuma wani laƙabi na sana'a. Wani ya sa sunan garinsu a matsayin sunan ƙarshe a takarda ɗaya, sunan mahaifi a ɗaya. Ranar haihuwa ma haka. A wurinmu duk mutum ɗaya ne, amma ga wanda ake zargi da akawun biyu, suna biyu shi ne mafi munin abin da zai gabatar. Jera takardunka a tabarma ka kwatanta su kafin ka tura komai. Idan bambancin na harafi ne, ambace shi da kanka a cikin takardar kafin su gano. Idan babba ne, ka zaɓi takardar da ta dace da sunan da ke dandalin da na asusun da kake cire kuɗi. Gyaran suna a NIMC yana ɗaukar lokaci, kuma takardar rantsuwa ta kotu tana taimakawa ne a matsayin ƙarin bayani, ba ta maye gurbin katin shaida.

A abin da na gani, fasfo ne ya fi wucewa ba gardama, sai lasisin tuƙi. Duba jerin da shafin tantancewar ya nuna maka, kada ka tura abin da ba ya ciki. Ɗauki hoton takardar ta asali, ba fotokwafi ba, da rana a inuwa, kusurwa huɗu duk suna fitowa, ba tare da hasken kyamara yana ƙyalli a kan leda ba. Kai mai zane ne, hannunka zai yi ƙaiƙayin gyara hasken hoton ko yanke gefe. Kada ka taɓa shi ko kaɗan, don hoton da aka gyara ana ɗaukarsa jabu.

Idan sun nemi shaidar adireshi, nan ma akwai tarko. Takardar kuɗin wuta ta JED yawanci sunan mai gida take ɗauke da shi ko na mahaifi, ba naka ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne takardar bayanin asusunka na banki ta watannin baya-bayan nan, mai ɗauke da sunanka da adireshinka, wadda bankin ya fitar. Duba ko adireshin da ke kanta shi ne wanda ka rubuta a dandalin. In ka buɗe asusun tun kana ɗalibi a Bauchi, wataƙila adireshin can ne har yau, sai ka je banki a sabunta kafin ka buga.

Ta ina za ka aika, da abin da zai biyo baya

Idan sanarwar tana da maɓallin ɗaukaka ƙara a cikin akawun ɗinka, yi amfani da shi. In babu, amsa a kan tikitin da suka buɗe, ko ka shiga Help Center ka buɗe ɗaya, daga imel ɗin da ka yi rajista da shi. Saƙon da ya fito daga wani imel daban ba za su tattauna akawun ɗin da shi ba. Kashe VPN, ka yi amfani da na'urar da ka saba. Tikiti ɗaya ya isa. Buɗe biyar ba ya sa a yi sauri, haɗe su ake yi ko a rufe, kuma idan bayaninka ya ɗan bambanta daga wannan zuwa wancan, ka ba su dalilin shakka. Idan mako guda ya wuce shiru, ƙara layi biyu a kan tikitin nan dai, cikin ladabi. Ajiye hoton sanarwar, da na kuɗin da ke cikin akawun, da na kowane saƙo, tun kana iya shiga.

Ba zan yi maka alkawarin akawun zai dawo ba. Kamfanonin nan masu zaman kansu ne, ƙa'idojin da ka amince da su ranar rajista sun ba su ikon rufe akawun, kuma sau da yawa ba sa bayyana hujjarsu dalla-dalla don kada masu zamba su koyi hanyar kaucewa. Na ga takardu masu kyau da aka ƙi. Idan amsa ta zo cewa hukuncin na ƙarshe ne, kuma ba ka da wata sabuwar hujja da ba ka gabatar ba, maimaita roƙo ba zai sauya komai ba.

Amma kuɗi maganarsu daban ce da ta akawun. Dala 340 ɗin nan, in dai na aikin da ka kammala ne kuma babu kwastoman da ya nemi a mayar masa da kuɗinsa, yawanci riƙe su ake yi na wani lokaci sannan a sake su. A ƙa'idojin Fiverr, alal misali, mai akawun da aka rufe yana jiran kwana 90 kafin ya cire abin da ya rage, bayan an tabbatar shi ne mai shi. Dalilin jiran shi ne mai saye yana iya zuwa bankinsa ya janye biyan da ya yi da kati ko da bayan makonni. Kowane dandali da nasa wa'adin, don haka ka nemi su rubuta maka naka. Kuɗin odar da ba ka miƙa ba kuwa, idan an soke ta, wurin kwastoma suke komawa, kada ka sa su a lissafi.

A tsawon jiran nan kada ka rufe Payoneer ɗinka ko asusun bankin da ke haɗe da dandalin, kada kuma ka sauya su. Riƙa buɗe imel ɗin rajista, har da akwatin Spam, don saƙon cire kuɗi can yake zuwa, wani lokaci da nasa wa'adin. Layin wayar da ka yi rajista da shi ma ka riƙa sa masa kati kana kira da shi. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfanin waya yana karɓewa ya sayar wa wani, kuma lambar tabbatarwa da za ka buƙata ranar cire kuɗin ta wannan layin za ta shigo.